Darasi: Zubar Jini daga Saman Hanyar Abinci, Mataki bayan Mataki

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibin likitanci ya iya:

1. gane cewa jini daga saman hanyar abinci yake fitowa;
2. auna yawan jinin da ya zuba tun kafin sakamakon gwaji ya fito;
3. farfaɗo da majinyaci, ya kuma san lokacin da ake ƙarin jini;
4. bambanta mai gyambon ciki da mai ciwon hanta, ya fara wa kowa maganinsa;
5. faɗin lokacin da ya dace a leƙa ciki da na'ura, da abin yi idan jinin ya dawo.

Duk darasin a kan jerin aiki ya tsaya. Wanda ke aman jini, rashin jinin ne zai fara kashe shi, tun kafin a san sunan cutarsa. Saboda haka farfaɗowa ake fara yi, binciken dalili ya biyo baya.

1. Daga ina jinin yake fitowa?

> Saman hanyar abinci: maƙoshi, da tumbi, da sashen farko na ƙaramin hanji, har zuwa inda tantanin Treitz ya riƙe hanjin. Duk jinin da ya ɓalle a wannan tsakanin shi muke nufi a darasin nan.
>
> Melina: baƙin bayan gida mai danƙo da ƙyalli kamar kwalta, mai wari ƙwarai. Jini ne da ya narke a kan hanyarsa ta fita.

Jinin yana bayyana ta hanya uku. Wani zai yi aman jini ja, har da gudaji. Wani amansa baƙi-baƙi ne mai tsaki-tsaki kamar garin kofi, domin jinin ya jima a tumbi ruwan tsami ya sauya masa launi. Wani kuwa ba zai yi amai ba sam, sai dai melina, kuma jinin da bai wuce mililita 50 zuwa 100 ba ya isa ya baƙanta bayan gida. Akwai hanya ta huɗu mai ruɗarwa: idan zubar ta yi ƙarfi sosai, jinin kan fita ja ta dubura domin bai samu lokacin narkewa ba. Mai jan jini ta dubura wanda jikinsa ya yi sanyi, zuciyarsa na gudu, a ɗauka daga sama jinin yake har sai an tabbatar ba haka ba ne.

Ku tambayi abin da aka ci da wanda aka sha. Zoɓo yana rina amai ja, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta ba shi danƙo da warin melina. Haɓo da aka haɗiye, da jinin da ya fito da tari, su ma sukan shigar wa likita duhu. Kada ku tsaya ga abin da aka faɗa muku kawai. Ku nemi izinin majinyaci, a sa labule, ku sa safar hannu ku duba dubura da yatsa, ku ga launin da idonku.

2. Mataki na farko: numfashi da zagayen jini

A fara da hanyar iska. Mai aman jini da hankalinsa ya gushe zai iya shaƙar jinin ya cika masa huhu. A kwantar da shi ta gefe, a ajiye na'urar zuƙe ruwa kusa, a ba shi iskar oksijin idan yana buƙata. Idan aman ya ƙi tsayawa kuma ba ya cikin hayyacinsa, a kira likitan sa barcin tiyata ya sa masa bututun numfashi.

Daga nan sai a auna asarar. Babban mutum yana da jini kusan mililita 70 a kowane kilo na nauyinsa, wato wajen lita 5 ga mai kilo 70. Zai iya rasa kashi 15 cikin ɗari ba a ga komai ba. Tsakanin kashi 15 da 30 zuciya ta fara sauri, tafin hannu ya yi sanyi, jiri ya ɗebe shi idan ya tashi zaune. Matsin jini ba ya faɗuwa sosai sai asarar ta kai kusan kashi 30. Wannan ya sa matsin jini mai kyau ba ya kwantar da hankalin likitan kirki, musamman ga matashi, wanda jikinsa kan daure har zuwa lokacin da zai zube gaba ɗaya. Tsoho da mai shan magani irin furofuranolol kuwa, zuciyarsu ba lalle ta yi sauri ba ko da sun yi asara mai yawa.

> Shok: halin da jinin da ke zagayawa ya kasa wadatar da gaɓoɓi. Alamunsa: saurin bugun zuciya, sanyin hannu da ƙafa, zufa, ruɗewa, ƙarancin fitsari, daga baya faɗuwar matsin jini.
>
> Ma'aunin shok: bugun zuciya a minti ɗaya, a raba shi da lambar sama ta matsin jini. Ga lafiyayye yakan tsaya tsakanin 0.5 da 0.7. Idan ya kai 1 ko ya haura, asarar babba ce.

Abin da hannu zai yi a mintunan farko a fili yake. A sa kanula biyu masu faɗi, ɗaya a kowane hannu: mai lamba 16, wato ruwan toka, ko aƙalla mai lamba 18, koriya. Ƙaramar kanula shuɗiya a bayan hannu ba za ta ɗauki ruwa da saurin da ake so ba. A ɗebi jinin gwaji tun kafin a jona ruwa: himogilobin da ƙwayoyin daskarar da jini, yuriya da aikin ƙoda, aikin hanta, gwajin daskarewar jini, da rukunin jini don a haɗa wanda zai dace. Sai a saki ruwan gishiri ko ruwan Ringa mililita 500 cikin minti 15 ko ƙasa da haka, a sake awo, a ƙara idan da buƙata. A sa robar fitsari. Fitsarin da ya kai rabin mililita a kowane kilo cikin awa ɗaya shaida ce cewa jini yana isa ƙoda. Ba ci ba sha har sai an leƙa ciki.

A yawancin asibitocinmu dangi ne ke ba da jini. Don haka a gaya musu tun a minti na farko su fara kiran masu bayarwa, kada a jira sai an ga lambar gwaji.

3. Himogilobin na farko da ƙarin jini

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, shi ya sa za mu daɗe a kai. Himogilobin yana auna kaurin jini ne, ba yawansa ba. Wanda ya zubar da lita ɗaya yanzun nan ya rasa ƙwayoyin jini da ruwan jini tare, saboda haka abin da ya rage a jijiyarsa kaurinsa bai sauya ba. Sai jiki ya jawo ruwa daga tsoka zuwa jijiya, ko mu mun ƙara masa ruwa, sannan lambar ta sauka, kuma kafin ta daidaita takan ɗauki awa 24 zuwa 72. Himogilobin 12 a awa ta farko, ga mutumin da zuciyarsa ke buga 120, bai gaya muku komai game da abin da ya rasa ba. A sake gwajin bayan 'yan awoyi.

Yaushe ake ƙarin jini? Ga wanda ya daidaita, ana jira himogilobin ya sauka ƙasa da giram 7 a desilita, a mayar da shi tsakanin 7 da 9. A takardun gwajinmu da aka fi rubuta PCV, wannan ya yi daidai da kusan kashi 21. Mai ciwon jijiyoyin zuciya ana fara ba shi tun daga 8. Leda ɗaya takan ɗaga himogilobin da kusan giram 1, wato PCV da kashi 3.

Wannan ƙa'ida tana ba sabon ɗalibi mamaki, domin a ganinsa gara jini ya yi yawa. Wani bincike da aka yi a Barcelona, aka wallafa a 2013, ya raba majinyata 921 gida biyu: waɗanda ake ba jini idan sun sauka ƙasa da 7, da waɗanda ake ba tun daga 9. Cikin kwana 45, kashi 5 cikin ɗari na rukunin farko suka rasu, na biyu kuwa kashi 9. Cika jijiya fiye da kima yana ɗaga matsi a jijiyoyin ciki, ya tayar da zubar da ta fara lafawa, musamman ga mai ciwon hanta.

Amma ku san iyakar ƙa'idar. Binciken bai haɗa da waɗanda jini ke kwarara daga jikinsu ba tsayawa ba. Wanda ke cikin shok yana kuma ci gaba da amai, jini ake ba shi nan take, ko lambarsa nawa ce. Idan babu lokacin haɗawa, a ba shi rukunin O mai alamar ragi. Idan ledojin sun fara yawa, a haɗa da ruwan jini mai daskararwa. Ana ba da ƙwayoyin daskarar da jini idan sun gaza 50,000 kuma zubar na ci gaba. Mai shan wafarin kuma a tsayar da maganin, a warware aikinsa da bitamin K da sinadaran daskararwa.

4. Tambayar da ke raba hanya: hanta ko ciki?

Yayin da ruwa ke shiga, sai a nemi dalili. Dalilan suna da dama, har da kansar tumbi, da tsagewar ƙarshen maƙoshi bayan yunƙurin amai mai tsanani, wadda ake kira tsagewar Mallory-Weiss kuma yawanci takan tsaya da kanta. Amma a daren farko biyu ne ke sauya magani: gyambon ciki da kumburarrun jijiyoyi.

> Gyambon ciki: rauni a bangon tumbi ko farkon hanji. Manyan masu jawo shi biyu ne: ƙwayar cutar *Helicobacter pylori*, da magungunan ciwon jiki irin diklofenak, ibufurofen da asfirin.
>
> Barisis: jijiyoyin ƙarshen maƙoshi ko saman tumbi da suka kumbura saboda jinin da ke zuwa hanta daga hanji ya kasa wucewa, ya nemi wata hanya. Bangonsu siriri ne, suna fashewa ba gargaɗi.

Yadda ake tambayar magani yana da muhimmanci. Idan kuka ce, "Kana shan magani?" da yawa za su ce a'a, domin ba sa lissafa abin da suke saya a kemis ko wurin mai talla. Ku ce, "Baba, idan an dawo daga aiki jiki na ciwo, me ake sha?" Sai ku ji labarin haɗin ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, kullum da dare. A sa ɗansa ya kawo ledar a gani.

Alamun hanta kuwa a jiki ake nemansu: shawara a ido, ruwa a ciki, saifa da ta girma, jijiyoyi da suka fito a fatar ciki, ramewar tsoka, ruɗewa. A ƙasar Hausa ciwon hanta nau'in B shi ne babban abin da ke taurara hanta, kuma mutum kan ɗauke shi tun yana yaro bai sani ba, don haka "ba ya shan giya" bai kore barisis ba. Masunci ko manomin rani da ya girma cikin ruwa kuma, a tuna da tsargiyar hanji. Ƙwayayen tsutsar suna toshe ƙananan jijiyoyin hanta, sai a ga ƙatuwar saifa da aman jini mai yawa, alhali babu shawara kuma gwajin aikin hanta kusan lafiya lau.

Idan ana zargin barisis, magani biyu ake farawa tun kafin na'ura. Na farko mai rage matsin jijiyoyin ciki: telifiresin miligiram 2 ta jijiya duk awa 4, ko okitiriyotayid maikirogiram 50 a tashi ɗaya sannan 50 duk awa, na kwana 2 zuwa 5. Telifiresin yana matse jijiyoyin zuciya ma, saboda haka a kiyaye shi ga mai ciwon zuciya. Na biyu seftiriyazon giram 1 a rana, har zuwa kwana 7. Shi aka fi mantawa, alhali mai tauraruwar hanta da ya zubar da jini yana saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma maganin yana rage dawowar zubar da mace-mace.

Idan gyambo ake zargi, maganin rage ruwan tsami ne: omefurazol ko fantofurazol miligiram 80 ta jijiya, sannan miligiram 8 duk awa, ko 40 sau biyu a rana. Masana sun saɓa kan ba da shi kafin na'ura, domin bai rage mace-mace ba a inda ake leƙawa da wuri. A ganina, inda majinyaci zai kwana biyu ko ya yi tafiyar awoyi kafin ya samu na'ura, a fara masa.

Magani ɗaya kuma a bar shi. Taranezamik asid yana ceton rai a zubar jinin haihuwa da na haɗari, shi ya sa hannu ke saurin kai masa. Amma binciken HALT-IT na 2020, mai majinyata wajen 12,000 a ƙasashe 15 har da Nijeriya, ya nuna bai rage mutuwa daga zubar jinin hanyar abinci ba, ya kuma ƙara daskarewar jini a jijiya da farfaɗiya.

5. Misali daga ɗakin gaggawa

Mu ƙaddara an kawo wani magini mai shekara 52, nauyinsa kilo 60. Kwana biyu yana baƙin bayan gida, yau da asuba ya faɗi a banɗaki ya suma, ya kuma yi amai baƙi sau ɗaya. Wata uku ke nan yana shan haɗin ciwon baya. Tafinsa fari ne mai sanyi, goshinsa da zufa. Bugun zuciya 118, matsin jini 92/60. Babu shawara, saifa ba ta taɓuwa.

Ma'aunin shok: 118 a raba da 92, kusan 1.3. Jininsa gaba ɗaya 60 sau 70, wato mililita 4,200, kuma alamunsa na wanda ya rasa kusan kashi 30 ne, wajen mililita 1,260. An sa kanula biyu, an ɗebi jini, an saki ruwa, an nemi leda biyu, an fara omefurazol. Sakamako ya fito: himogilobin 11.2, yuriya 14. Yuriya ta hau ne saboda jinin da hanji ya narkar ya tsotse, da kuma ƙarancin jinin da ke isa ƙoda.

> Makin Glasgow-Blatchford: lissafi ne da aka fitar a shekarar 2000 don gane wanda zai buƙaci ƙarin jini ko aikin tsayar da zuba. Yana tafiya daga 0 zuwa 23, kuma ba ya buƙatar na'ura. Mai maki 0 ko 1 ana iya sallamarsa ya dawo a leƙa daga baya.

Makin wannan magini: yuriya tsakanin 10 da 25, maki 4, himogilobin namiji tsakanin 10 da 12, maki 3, lambar sama tsakanin 90 da 99, maki 2, bugu 100 ko fiye, maki 1, melina 1, suma 2. Jimilla 13. Wannan ba mai komawa gida ba ne, kuma ba wanda za a kai ƙarshen ɗaki a manta da shi ba ne. Gadonsa kusa da teburin ma'aikatan jinya, awo duk minti 15 da farko.

Bayan lita ɗaya da rabi na ruwa, bugu ya sauko 104, matsi ya hau 104/66. Da aka sake gwaji bayan awa shida, himogilobin 6.8. Shin sabuwar zuba ce? Ba a yi sabon amai ba, bugu na sauka, fitsari na fita. Abin da ya fi yiwuwa shi ne asarar farko ce ta bayyana bayan ruwa ya tsinka jinin. An ba shi leda ɗaya, ya koma 7.7, an ajiye ta biyu a shirye. Da a ce bugun ya sake hawa zuwa 125 tare da sabuwar melina mai ja-ja, da hukuncin ya sauya: jini nan take, a kira mai na'ura da likitan tiyata tare.

6. Leƙawa da na'ura, da abin da ke biyo baya

> Endoskofi: zura siririn bututu mai kyamara ta baki don a ga maƙoshi, tumbi da farkon hanji, a kuma tsayar da zubar a wurin.

Ana yin sa cikin awa 24 bayan an farfaɗo da majinyaci, cikin awa 12 idan ana zargin barisis. Gaggawar da ta wuce haka ba ta ƙara komai ga wanda ya daidaita: wani bincike a Hong Kong a 2020 bai ga raguwar mutuwa ba ga waɗanda aka leƙa cikin awa 6. Eritiromaisin miligiram 250 ta jijiya, minti 30 zuwa 120 kafin aikin, yana tura gudajin jini gaba a ga bangon tumbi sosai.

Gyambon da ke tsartuwa, ko yake tsatsafo, ko ake ganin kan jijiya a tsakiyarsa, shi ake yi wa aiki: allurar adirenalin a gefensa, a haɗa da maƙali ko ƙonawa, domin allurar ita kaɗai ba ta isa ba. Daga nan omefurazol mai ƙarfi na awa 72. Gyambon da ƙasansa fari ne tas ba ya buƙatar komai sai ƙwaya, mai shi zai iya cin abinci. Barisis kuwa ɗaure su ake yi da ƙananan zoben roba. Idan jinin ya gagara, bututun Sengstaken-Blakemore mai balan-balan yana danne su na ɗan lokaci, kada ya wuce awa 24.

Idan asibitinku ba shi da na'ura, a tura majinyaci bayan ya daidaita, da kanula biyu, da ruwa ko jini a rataye, da ma'aikacin jinya a motar, bayan an buga waya an tabbatar za a karɓe shi. Jinin da ya dawo bayan aiki, a sake leƙawa sau ɗaya. Idan ya ƙi, sai toshe jijiyar ta hanyar hoto inda ake da shi, ko tiyata. A sanar da likitan tiyata tun da wuri, kada a bari sai an ƙarar da ledojin jini.

A wurin magininmu an samu gyambo a bayan bangon farkon hanji, da kan jijiya a fili, wuri mai haɗari domin babbar jijiya ce ke bi ta bayansa. An yi allura, an sa maƙali. Kafin sallama a gwada shi don *Helicobacter pylori*. Idan akwai, maganin kwana 14, a sake gwaji bayan aƙalla mako 4 da gamawa. Idan gwajin bai nuna ba a lokacin zubar, a maimaita, domin jini yakan ɓoye ƙwayar. A zauna da shi da ɗansa a nuna musu ƙwayoyin da ba zai sake sha ba, a ba shi farasitamol a madadinsu.

Tambayoyin bita

1. Mene ne melina, kuma ta yaya za ku bambanta ta da baƙin bayan gidan mai shan ƙwayar ƙarin jini?
2. Mace mai kilo 50 ta zo da bugun zuciya 110, matsin jini 100/70. Lissafa yawan jininta da ma'aunin shok.
3. Me ya sa himogilobin na awa ta farko kan yaudari likita?
4. A wane hali ake ajiye ƙa'idar giram 7 a ba da jini nan take?
5. Masunci mai shekara 30 ya yi aman jini ja, saifarsa babba ce, babu shawara. Me kuke zargi, kuma waɗanne magunguna biyu za ku fara kafin endoskofi?
6. A misalin magini, waɗanne alamu suka nuna saukar himogilobin zuwa 6.8 ba sabuwar zuba ba ce?
7. Kuna asibitin da ba shi da na'urar endoskofi. Rubuta abin da za ku tabbatar kafin motar ta tashi da majinyaci.